Me ya sa yashi ke kwanciya nan take amma laka ta ƙi sauka?

"Salam malam. Na zuba ruwa mai laka a doguwar kwalba na girgiza na ajiye, yashin ya kwanta kafin minti biyu amma yau kwana uku ruwan bai washe ba, har yanzu fari-fari yake kamar an ɗiga madara. A aji an ba mu dokar Stokes an ce da ita ake lissafin wannan, ni dai ban gane yadda ƙwaya ke tafiya a cikin ruwan ba, kuma lissafin da na yi ya ce ya kamata a ce tuni ya washe. Ina na kuskure?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba lallai ka kuskure a lissafi ba, abu biyu ne nake zargi, ko dai ka ɗauki ƙwayoyin sun fi yadda suke girma, ko kuma ruwan naka ba a tsaye yake ba duk da ido na ganinsa cik. Amma bari mu faro daga ƙwaya ɗaya tak, don in ka gane ta sauran duk za su zo da sauƙi.

Mu da muke manya in mun shiga ruwa abin da muka sani shi ne mu ture shi ya kauce, ya yi ta juyi a bayanmu, in ka daina iyo ma ka ɗan ƙara gaba kafin ka tsaya. Ƙwayar laka ba ta san wannan duniyar ba sam. A wurinta ruwa kamar zuma yake. Tana da ƙanƙanta kuma tafiyarta a hankali ce, to ƙarfin tunkuɗa da take da shi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da dankon ruwan da ke riƙe da ita. Lambar Reynolds ita ce ma'aunin wannan gwajin:

```
Re = ρ v d / μ
```

ρ nauyin ruwa ne a kowace kubik mita, kilo 1000, v saurin ƙwayar, d faɗinta, μ kuma dankon ruwan. In Re ta yi ƙasa da 1 sosai, danko ne sarki, kuma ruwan ba ya tsinkewa daga jikin ƙwayar, yana rarrafe ne kawai ya zagaye ta. Da za ka iya ganinsa, yana buɗewa a gabanta a hankali ya bi gefenta ya koma ya rufe a bayanta daidai yadda ya buɗe, babu guguwa babu juyi, hoton gaba da na baya iri ɗaya ne har ba za ka iya cewa sama take yi ko ƙasa ba. Sannan ruwan da ke taɓa jikinta manne yake da ita, tare suke tafiya, na kusa da shi ya bi su kaɗan, na gaba da wannan ya bi kaɗan-kaɗan, haka har nesa. Wannan jan da take wa ruwan ba ya mutuwa da wuri, a nisan da ya ninka rabin faɗinta sau goma har yanzu ruwan yana motsi da kusan kashi ɗaya cikin goma na saurinta. Riƙe wannan, zai dawo mana anjima.

George Gabriel Stokes ne ya warware lissafin a Cambridge, a aikinsa na 1851, kuma abin da yake bincike a kai lokacin ma ba laka ba ce, yadda dankon iska ke rage lilon fendulum ne. Ya samo cewa ƙarfin da ruwa ke riƙe ƙwallo da shi a irin wannan tafiyar shi ne:

```
F = 3 π μ d v
```

Kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfin gogayyar ruwa ce da fatar ƙwayar, kashi ɗaya ne kawai na matsi tsakanin gaba da baya. Ka lura d ɗaya ce a ciki, ba a ninka ta da kanta ba. Shi kuwa nauyin da ke jan ƙwayar ƙasa da girman jikinta yake tafiya, wato d × d × d, bayan an cire abin da ruwa ke ɗaga ta da shi. To nan duk sirrin yake. Ka raba faɗin ƙwaya biyu, nauyinta ya ragu sau takwas, amma riƙon da ruwa ke mata sau biyu kacal ya ragu, saboda haka saurinta ya faɗi sau huɗu. In ka daidaita nauyin da riƙon sai ka samu abin da aka ba ku a aji:

```
v = (ρp − ρ) g d² / (18 μ)
```

ρp nauyin ƙwayar ne a kowace kubik mita, g kuma ƙarfin jan ƙasa, wato 9.81. Kuma kar ka damu da cewa ai sai ta ɗauki lokaci kafin ta kai wannan saurin. Ƙwaya mai faɗin maikiron 10, wato ɗaya bisa ɗari na milimita, tana kaiwa cikin abin da bai kai ɗaya bisa dubu goma na sakan ba, daga sakinta ta riga ta kama tafiyarta shikenan.

Yanzu mu sa lambobi, don ni ban yarda da fomula ba sai na ga ta ba ni minti da awa. Maikiron ɗaya shi ne ɗaya bisa dubu na milimita, gashin kai yana kai wajen 50 zuwa 100. Mu ɗauki ƙwayar kwatsi, wato ainihin dutsen da yawancin yashi yake, nauyinta kilo 2650 a kubik mita, ruwa 1000, bambanci 1650. Ruwa a digiri 20 dankonsa 0.001 ne a ma'aunin paskal-sakan. Ƙwaya mai maikiron 10:

```
v = 1650 × 9.81 × (0.00001)² / (18 × 0.001) ≈ 0.00009 m/s
```

Wato milimita 0.09 a sakan. Ban san tsayin kwalbarka ba, mu ce zurfin ruwan santimita 30 ne. Wannan ƙwayar in daga sama ta taso za ta yi wajen minti 56 kafin ta taɓa ƙasa. Daga nan ba sai ka sake dogon lissafi ba, ninkawa kawai za ka yi. Mai maikiron 50 ta ninka ta sau biyar a faɗi, to ta ninka ta sau 25 a sauri, minti biyu da 'yan sakanni ta sauka, ita ce ka gani tun farko ka ce yashi ya kwanta. Mai maikiron 2 kuwa, wadda ita ce iyakar da masana ƙasa ke cewa daga nan zuwa ƙasa yumɓu ne, sau 25 ta fi ta jinkiri, awa 23. Mai maikiron 1 kusan kwana huɗu. Mai maikiron 0.2 tana yin milimita uku a yini ɗaya da kwana, santimita 30 ɗin nan sai ta yi sama da wata uku. Duk a kwalba ɗaya, duk ƙasa ɗaya, daga minti biyu zuwa wata uku. Saboda haka in a lissafinka ka sa maikiron 5 ko 10 a matsayin "laka", amsar za ta ce maka awa ɗaya zuwa huɗu ruwa ya washe, kuma gaskiya ta faɗa game da waɗannan ƙwayoyin, sun daɗe da kwanciya. Waɗanda suka rage a sama 'yan ƙasa da maikiron ɗaya ne. Nauyinsu gaba ɗaya ba wani abu ba ne, wataƙila in ka tace ka busar ko kan cokali ba za su rufe ba, amma irin girmansu ya yi kusa da tsayin igiyar haske, shi ya sa suke watsa haske sosai ruwan ya yi fari kamar madara.

Akwai abin da ɗalibai ke yawan mantawa kuma, lokacin da ka girgiza kwalbar ƙwayoyi sun bazu ko'ina, ba duka daga sama suka taso ba. To ƙananan da suke kusa da gindi suna kwanciya tare da manya tun a mintin farko. Lokacin da fomula ta ba ka na wadda ta fi kowa nisa ne, ma'anarsa bayan wannan lokacin babu sauran ƙwaya mai wannan girman ko fiye a cikin ruwan. Da wannan dabarar muke auna ƙasa a lab: a girgiza silinda, a jira kusan awa 8 a digiri 20, a zura fifet zuwa zurfin santimita 10 a zuƙo kaɗan a busar a auna. Duk abin da aka samu a wannan zurfin a wannan lokacin ya gaza maikiron 2, domin mai maikiron 2 ta riga ta wuce wurin.

Zargi na biyu shi ne na fi so ka tsaya a kai, don shi ne ya fi cin mutane. Dokar Stokes ta ɗauka ruwa a tsaye yake cik, to amma cik a wurin wa? Ƙwaya mai maikiron 1 tana sauka da maikiron 0.9 a sakan. In ruwan cikin kwalbar yana zagayawa da ko da kashi ɗaya cikin goma na milimita a sakan, wanda idonka ba zai taɓa kamawa ba, ya riga ya fi ta sauri sau ɗari. Kuma abin da ke kawo wannan zagayen ba wuya: rana ta bugi gefe ɗaya na kwalbar, ruwan wannan gefen ya ɗan yi ɗumi ya yi sauƙi ya hau, na ɗaya gefen ya gangaro. Ko dare ya yi saman ya huce ya yi nauyi ya nutse. Ko kwalbar a buɗe take ruwa na tashi daga sama yana sanyaya fuskar. Ƙwayar tana ta ƙoƙarin sauka ruwan na ɗebe ta yana mayarwa sama. Ba wai ba za ta taɓa kwanciya ba, waɗanda suka ratso dab da gindi inda ruwan ya lafa suna zama, amma maimakon ka ga tsaftataccen ruwa na saukowa daga sama sai ka ga duk kwalbar na dusashewa tare a hankali, kuma ya ɗauki lokaci fiye da na lissafi.

Na taɓa ganin wannan da idona lokacin ina koyon aikin. Silinda biyu muka cika da ƙasa ɗaya, ɗaya tana can ƙuryar benci ɗaya tana kusa da taga. Da safe ta ƙurya ta yi wani siririn zobe na ruwa garau a sama, kamar faɗin yatsa, da iyaka mai laushi a ƙarƙashinsa. Ta taga kuwa daga sama har ƙasa launi ɗaya, da na haska tocila ta gefe na ƙura ido sai na ga wasu 'yan zare-zare na laka suna hawa a hankali ta ɓangaren da rana ke bugawa kamar hayaƙin turare. Sakamakon wannan silindar ya nuna yumɓu ya fi yawa, alhali ƙasa ɗaya ce, dole muka zubar muka sake. Tun ranar ban ƙara ajiye silinda inda rana ko iskar fanka za ta same ta ba.

Za ka ji ana cewa ai motsin Brown ne ke hana laka kwanciya, wato tunkuɗar da ƙwayoyin ruwa ke wa ƙaramar ƙwaya ta ko'ina. Motsin gaskiya ne amma a ganina ana ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa. Ka lissafa wa ƙwayar kwatsi mai maikiron 0.2, tsayin da wannan motsin zai iya riƙe ta a sama da gindi bai kai milimita ɗaya ba, a yini kuma yana watsa ta wajen rabin milimita ne yayin da nauyi ke saukar da ita milimita uku. To a kwalba mai santimita 30 ba shi ne ya riƙe farin nan ba, jinkirin sauka ne da zagayen ɗumi. Sai ƙwaya ta yi ƙasa da haka sosai sannan ya zama shi ke da magana.

Zafi yana da hannu ta wata hanyar ma. Dankon ruwa a digiri 10 wajen 0.0013 ne, a digiri 30 wajen 0.0008, wato a ruwa mai ɗumi ƙwaya na sauka da sauri fiye da na sanyi da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ka duba wane μ ka sa a lissafinka. Amma kar wannan ya sa ka kai kwalba rana don ta yi sauri, abin da za ka samu ta danko za ka rasa ninkinsa ta zagaye. Ɗumi ko sanyi, abin da ake so ya zama ɗaya ne ko'ina a cikin ruwan.

Sai siffa. Stokes ƙwallo ya lissafa, yumɓu kuwa fale-fale ne kamar ɓawon kifi, faɗi da yawa kauri kaɗan. Irin wannan yana da fata mai yawa nauyi kaɗan, yana sauka a hankali fiye da ƙwallon da ya kai shi faɗi. Shi ya sa in muka ce maikiron 2 a wannan aikin muna nufin ƙwayar da ke sauka kamar ƙwallon kwatsi mai maikiron 2, ko yaya ainihin siffarta take.

Ta ɓangaren manya kuma dokar tana da iyaka, kuma kullum bayan ka samu v ka mayar da ita cikin Re ka duba. Mai maikiron 10 tana ba da 0.0009, lafiya lau. Mai 50 tana ba da wajen 0.1, har yanzu ana tare. Mai 100 ta kusa 1, an fara kaucewa, fomula ta ce milimita 9 a sakan amma ta gaske ta ɗan gaza haka. In ka sa yashi mai milimita ɗaya fomula za ta ce kusan mita ɗaya a sakan, alhali a zahiri wajen santimita 15 yake yi, domin a nan ruwa ya fara tsinkewa yana juyi a bayansa, an bar duniyar rarrafe.

Ka tuna na ce ƙwaya na jan ruwa har nesa da ita. In ƙwayoyin sun yi yawa sai kowace ta shiga harkar maƙwabciyarta, kuma duk ruwan da suka ture a ƙasa dole ya hau sama ta tsakaninsu, yana rage musu sauri. Richardson da Zaki sun auna wannan a 1954, ga ƙananan ƙwayoyi ana ninka saurin Stokes da (1 − c)^4.65, c shi ne kason da ƙasar ta cinye a cikin ruwan. In ƙasa ta kai kashi 10 cikin ɗari saurin ya koma wajen kashi 60 na asali. Alamarsa ita ce ka ga layi kaifi kamar an ja da rula, garau a sama kauri a ƙasa, layin na sauka gaba ɗaya. Naka da ka ce fari-fari ne ba wannan ba ne, naka ya yi tsarari da yawa.

Abin da ya rage shi ne me ya hana ƙananan haɗuwa su zama manya, tunda d² na nufin girma kaɗan riba mai yawa. Fuskar yumɓu tana ɗauke da cajin lantarki mara kyau, wato negetif, duk iri ɗaya, to suna ture juna in sun matso. A ruwan da ba gishiri sosai wannan turewar na da ƙarfi, kowace ƙwaya ita kaɗai take yawo. In aka sa gishiri, ko ma fiye da haka alif wanda wasu ke kira alam, cajin na raguwa su fara mannewa su zama curi-curi. Curin ba dutse ba ne, sako-sako ne cike da ruwa, amma duk da haka duba: a ce curi ya kai maikiron 100 kuma ya fi ruwa nauyi da kilo 100 kacal a kubik mita maimakon 1650, fomula ta ba da rabin milimita a sakan, santimita 30 cikin minti tara. Ƙwayar da za ta yi kwana huɗu ita kaɗai. Wannan ne ya sa matatun ruwa ke sa alif kafin tankin kwantarwa, kuma shi ya sa kogi ke zubar da lakarsa inda ya haɗu da ruwan teku. A lab kuwa akasin haka muke yi, muna sa sinadarin da ke raba su don kowace ta sauka ita kaɗai, in ba haka ba awon ya lalace.

Ga yadda za ka gane wanne ne ya kama ka. Samo kwalba uku iri ɗaya ka raba ruwan bayan ka girgiza. Ta farko ka bar ta inda take. Ta biyu ka rufe bakinta ka naɗe ta da tawul ka sa a cikin kwali ko kula a wurin da ba rana, kar ka taɓa ta kwana biyu. Ta uku ka sa ɗan alif kaɗan, abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba a lita, ka juya da ƙarfi minti ɗaya sannan a hankali wajen minti goma don curin su haɗu kar su farfashe, ka ajiye. In ta biyu ta fitar da zoben ruwa garau a sama wanda ta farko ba ta yi ba, zagayen ɗumi ne ke dagula maka. Auna faɗin zoben da rula ka raba da sakannin da suka wuce, ka samu v ke nan, ka juya fomula ka ciro d, wannan shi ne girman mafi ƙanƙantar ƙwayoyin da ke ba ruwan launi. Misali zobe mai santimita 4 a kwana biyu yana ba da maikiron 0.23 a sakan, wato ƙwaya mai wajen rabin maikiron. In ta uku ta yi curi kamar auduga ta washe cikin awa ɗaya, to yumɓu ne mai caji. In kuwa alif ya yi aikinsa amma ruwan ya rage da launin shayi garau ba hazo, wannan narkakken abu ne daga ruɓaɓɓen ganye, ba ƙwaya ba ne, babu ranar da zai kwanta komai daɗewar jira. Ka gwada ka turo min faɗin zoben da zafin ruwan mu lissafa tare.